Yadda Mai Shago Zai Gane Rasit ɗin Taransifa na Bogi Kafin Ya Miƙa Kaya

Tambayar da masu shaguna suka fi turowa kusan iri ɗaya ce: mai saye ya ce ya tura kuɗi, ya juyo da wayarsa ga rasit kore shar, amma alat bai shigo ba, a ba shi kayan ko a hana shi? Wasu kuma so suke a koya musu alamomin da za su duba a jikin hoton su gane na gaskiya.

Abin da za a fara sani shi ne, hoton rasit yana iya tona asirin mai ƙarya, amma ba ya iya wanke mai gaskiya. In ka ga kuskure a jikinsa, ka kama bogi. In ba ka ga kuskure ba, abin da ka tabbatar kawai shi ne wanda ya haɗa shi ya iya aikinsa, ko kuma rasit ɗin na gaske ne amma kuɗin bai iso ba tukuna. Shaidar biya guda ɗaya ce, wato kuɗin ya bayyana a asusunka, ka gan shi da idonka a wayarka ko na'urarka. Saboda haka matakan nan sun fara da asusunka, hoton ya biyo baya. Yawancin waɗanda aka cuta sun juya tsarin ne, suka tsaya ƙare wa hoto kallo har aka fice da kaya.

Za mu bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Mai saye ya zaɓi kayan 240,000, ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, da ƙarfe 11:05 na safe, ya ce zai yi taransifa.

1. Shirin da ake yi tun kafin a buɗe shago

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai manhajar bankinka wadda kake iya shiga nan take, data da caji, hanya ta biyu ta duba asusu idan manhaja ta ƙi buɗewa, da littafi ɗaya na rubuta duk cinikin da aka biya ta taransifa. Hanya ta biyun tana iya zama lambar banki ta `USSD` a ƙasashen da ake amfani da ita, ko shafin bankin na intanet, ko na'urar karɓar kuɗi ta shago wadda take nuna taransifa a allonta. Duba manhaja data kaɗai yake ci. Alat na tes da `USSD` bankuna da yawa suna cirar ɗan abu a kansu, kuma komai yawansa a wata bai kai asarar kaya ɗaya ba.

Ka ware asusu ɗaya don shago kaɗai, ka rubuta sunansa da lambarsa da sunan bankin a takarda ka liƙa inda kowa zai gani. Idan kuɗin gida da na shago suna shiga wuri guda, lissafin balas da za mu yi a mataki na uku zai riƙa rikice maka.

Da safe ka duba balas ka rubuta a saman shafin ranar. A misalinmu, an buɗe shago da 612,450, kuma babu abin da ya shiga ko ya fita kafin 11:05.

Gargaɗi: idan yaron shago ne yake tsaron kanta, dole ya sami hanyar ganin shigowar kuɗi da kansa, ko kuma ya kira ka da wayarsa, a lambar da ya sani. Tsohuwar dabara ce mai saye ya kara waya a kunne, ya yi kamar yana magana da maigida, sannan ya ce wa yaro, "Oga ya ce ya ga alat, ka sa min a leda." Wani ma har miƙo wayar zai yi, a ji wata murya daga nesa cikin hayaniya tana cewa a ba shi.

2. Kaya su tsaya a bayan kanta, ka buɗe asusunka

Da mai saye ya ce ya tura, kada ka karɓi wayarsa kuma kada ka sunkuya kan hoton. Ɗauki taka. Ka shiga manhajar bankin da kanka, ta alamarta da ke allon wayar, ka je jerin shige da ficen kuɗi, ka ja allon ƙasa ya sabunta. Wasu manhajoji suna nuna tsohon balas har sai an sabunta ko an fita an sake shiga, don haka in ba ka ga komai ba a karon farko, fita gaba ɗaya ka dawo.

Kayan kuwa ana iya ƙirga su, a ɗaure su, a rubuta musu rasit ɗin shago, amma su zauna ta ɓangarenka. Da zarar an sa su a but ɗin mota ko an ɗora wa mai babur, magana ta canja, kai ne kuma za ka koma mai roƙo.

Maganar da za ka yi gajeriya ce, kuma kowa ita ake gaya masa, babba da yaro: "Alhaji, ɗan ba ni minti biyu in duba ta nan, ƙa'idar shagon ce." Wanda ya biya da gaske ba ya jin zafin minti biyu. Ka lura da wanda sai a daidai wannan lokacin uzurinsa yake tashi: mota tana jira, an kira shi asibiti, ko ya hau faɗa wai an mai da shi ɓarawo. Gaggawar ba hujjar ƙarya ba ce, mutane da yawa suna sauri da gaske, amma ita ce makamin da 'yan damfara suka fi dogara da shi, kuma sukan zaɓi lokacin da shago ya cika ko ana shirin rufewa.

Gargaɗi: kada ka danna wani mahaɗi ko ka ɗauki hoton lambar `QR` da ke jikin rasit ɗin da aka nuna maka da sunan "tabbatarwa". Wanda ya iya haɗa rasit na bogi ya iya haɗa shafin da zai ce rasit ɗin na gaske ne, wani shafin ma lambar sirrinka zai nema.

3. In ka ga kuɗi, ka gwada abu huɗu

Ganin sabon layi a asusu bai gama aiki ba. Ka taɓa layin ya buɗe, ka duba adadi, da suna, da lokaci, da balas.

Adadin ka karanta shi a hankali, kana kallon waƙafi da ɗigo. 240,000.00 da 24,000.00 da 2,400.00 duk kama suke wa idon da ke sauri, musamman a ƙaramin allo cikin rana. Akwai masu tura 24,000 na gaske don wayarka ta yi ƙara, sannan su nuna hoton da aka ƙara wa sifili ɗaya. Ka ji alat, ka ga rasit, zuciyarka ta haɗa su ta ce an biya.

Sunan kuwa, tambayi mai sayen tun kafin ka faɗa: "Da wane suna aka turo?" Shi zai faɗa, kai ka gwada. In ka riga shi karantawa da ƙarfi, sai ya ce e, shi ne. Wannan yana da muhimmanci a shagon da kaya masu kuɗi ɗaya suke fita da yawa, domin mutum na iya tsayawa kusa, ya ji wani ya biya adadi kaza, ya zo bayansa ya ce wannan shigowar tasa ce. A nan littafin yake aiki: kowace shigowa a rubuta ta sau ɗaya, da sunan mai turowa da lokacin, a soke ta. Shigowar da aka riga aka soke ba ta biyan ciniki na biyu.

Sai balas. A misalinmu 612,450 da 240,000 ya kamata su ba da 852,450. In akwai ɗan cajin banki da aka cira, za ka gan shi a layinsa daban, ƙarami. Bankuna da yawa suna nuna balas iri biyu, `Available balance` da `Ledger balance`, wasu su rubuta na biyun `Book balance`. Na farkon shi ne kuɗin da za ka iya cira yanzu, kuma shi kaɗai za ka duba. Na biyun yana haɗawa da kuɗin da aka rubuta maka amma ba a gama tantance su ba.

Gargaɗi: wannan bambancin ne ake amfani da shi a damfarar cek. Mutum zai kai cek marar kuɗi banki ya saka a asusunka, alat na gaske ya shigo daga bankinka na gaske, `Ledger balance` ya ƙaru, amma `Available balance` yana nan inda yake. Bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki cek ya dawo, a goge kuɗin. In ka ga `CHQ` ko `Cheque` a bayanin shigowar da aka ce maka taransifa ce, kaya ba sa fita sai kuɗin ya zama wanda za a iya cira.

In abu huɗun nan sun daidaita, ka miƙa kaya. Ba ka ma bukatar kallon hoton. Duk wannan bai fi minti biyu ba idan hannu ya saba.

4. Alat na tes: mai sanarwa ne kawai

Masu shago da yawa sun daina yarda da hoto amma har yanzu suna yarda da tes, alhali tes ma ana haɗa na bogi. Sunan bankin da kake gani a saman saƙo rubutu ne kawai da mai aikawa ya zaɓa, bai wuce haruffa 11 ba, kuma wayarka tana tara saƙonni masu suna ɗaya a wuri guda. Idan ɗan damfara ya sami hanyar aika saƙo da sunan bankinka, saƙon nasa zai iya faɗawa ƙarƙashin alat ɗinka na gaske na jiya da shekaranjiya, ka gan su a jere kamar 'yan uwa. Akwai kuma hanya mai arha: ya ari wayarka "ya kira wani", ya ajiye lambarsa da sunan bankinka, daga baya ya turo tes daga aljihunsa. Shi ya sa wayar da ke karɓar alat ba a ba da aronta.

Raunin tes na bogi shi ne balas. Mai ƙaryar ya san lambar asusunka, don kai ka ba shi, ya san adadin ciniki, amma bai san nawa ne a asusun ba. Ko dai ya bar layin balas babu, ko ya yi cinke. A misalinmu tes ya shigo yana cewa an saka 240,000, balas ya zama 291,300. Mai shagon da ya rubuta 612,450 da safe ya san nan take cewa lissafin bai hau ba.

Amma ko balas ɗin ya yi daidai, sai ka shiga manhaja, domin wanda ya leƙa allonka ɗazu ko ya ga tsohon alat a wayarka ya san adadin. Haka nan rashin tes ba ya nufin kuɗi bai shigo ba: tes yana makara sosai fiye da kuɗin kansa, wani lokaci kuɗi yana zaune a asusu da daɗewa kafin saƙo ya iso.

5. Kuɗi bai bayyana ba: yanzu ne za a karanta rasit

Ka sabunta sau biyu ko uku, babu komai. A nan ne hoton yake da amfani, don ya taimaka maka ka gane wa kake hulɗa da shi: mai gaskiyar da netwok ya riƙe wa kuɗi, ko wanda bai tura komai ba.

Roƙe shi ya turo maka rasit ɗin a wayarka, ka buɗe shi ka faɗaɗa. Fara da lambar asusun mai karɓa, ka bi ta lamba bayan lamba, da sunan bankin. Rasit na gaske da aka tura wa wani asusu abu ne da ake gani sosai, wani lokaci kuskure ne na lamba ɗaya, wani lokaci kuma da gangan: mutum ya tura wa asusunsa na biyu ko na abokinsa, ya sami rasit mai kyau, ya goge sunan mai karɓa ya rubuta naka. Idan rasit ɗin yana ɓoye tsakiyar lambar da taurari, duba na farko da na ƙarshe da suka rage.

Sai matsayin cinikin. `Successful` ko `Completed` yana nufin bankin mai turawa ya ce ya saki kuɗin. `Pending` ko `Processing` yana nufin ba a gama ba, kuma yana iya ƙarewa da `Failed` ko `Reversed`, kuɗi ya koma wa mai shi. `Scheduled` kuwa alƙawari ne kawai: an umarci banki ya tura gobe ko jibi, kuma mai umarnin yana iya soke shi da zarar ya bar ƙofar shagonka. Allon `Scheduled` a manhajoji da yawa kore ne mai alamar daidai, kamar na wanda aka gama, sai ka karanta ƙananan rubutun za ka gane. Akwai ma masu nuna allon da ke zuwa kafin a sa lambar sirri, wanda yake jero sunanka da adadi yana tambayar a tabbatar. Sunanka ya fito ne don manhajar ta nemo shi daga lambar asusun, ba don an tura komai ba.

Sannan lokaci. Kwanan wata da awa su dace da yanzu. In hoton allo ne cikakke, agogon da ke can saman wayar ya zo daidai ko bayan lokacin rasit da minti ɗaya ko biyu. Agogon sama yana 9:14 amma rasit yana cewa 11:05, to an ɗauki hoton kafin a yi cinikin da yake shaida, abin da ba zai yiwu ba. Hoton da aka datse samansa da ƙasansa, ko wanda ya zo da alamar `Forwarded` daga mutumin da ya ce yanzu ya tura da wayar da ke hannunsa, shi ma abin tambaya ne.

A ƙarshe ka dubi rubutun kansa. Wurare uku ake taɓawa: adadi, suna, kwanan wata. Faɗaɗa su ka gwada da sauran rubutun shafin. Lamba ta fi 'yan uwanta kauri, ko ta ɗan hau sama da layi, ko farin da ke bayanta ya bambanta da farin shafin, ko adadi a lamba ya saɓa da adadi a kalmomi inda rasit yake kawo duka biyun.

Gargaɗi: kada ka ba wannan dubawar ta ƙarshe nauyin da ba ta da shi. Manhajojin hira suna matse hoto, sai rubutun gaske ma ya yi dishi-dishi a gefensa, ka zargi mai gaskiya a banza. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai manhajojin bogi da suke fitar da rasit sabo fil, babu abin da aka goge balle ya bar tabo. Fayil ɗin `PDF` ma ana gyara shi cikin minti kaɗan, zuwansa a haka ba ya ƙara masa daraja.

6. Lambar ciniki, inda masu gyaran hoto suka fi mantawa

Kowane taransifa yana da doguwar lambar da ta keɓanta da shi. Sunanta ya danganta da ƙasa da tsari: `Session ID`, `Reference`, `Transaction ID`. Tsawonta ma haka. A tsarin UPI na Indiya lambobi 12 ne, a M-Pesa na Kenya haruffa da lambobi 10, a Pix na Brazil 32 masu farawa da `E`, a tsarin NIP na Nijeriya kuma lambobi 30. Ka buɗe shigowa biyu ko uku na gaske a asusunka ka ƙirga, ka san yadda ta tsarinku take. Lambar da ta gaza ko ta wuce tsawon, ko rasit ɗin da babu lambar sam, abin tambaya ne babba.

Abin da ya fi amfani shi ne wasu tsare-tsaren suna saka kwanan wata da lokaci a cikin lambar kanta. Pix yana yi, NIP ma yana yi. A NIP, shida na farko lambar bankin da ya tura ce, goma sha biyu na gaba shekara ce da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa, bibbiyu, sauran goma sha biyun kuma su ne suke bambanta wannan cinikin da saura. Ga lambar da ke jikin rasit ɗin misalinmu, an sa sifili a gurbin lambar banki, an kuma rarraba ta don a gani:

```
000000 250314 164207 381950264417
```

Kashi na biyu yana cewa shekarar 25, wata na 03, rana ta 14. Na uku yana cewa ƙarfe 16:42 da daƙiƙa 7. Wato an yi wannan taransifa ranar 14 ga Maris 2025 da yamma, mako guda cur kafin ranar da aka rubuta a saman rasit, 21 ga Maris da 11:05 na safe. Tsohon rasit ne na gaske aka ɗauko, aka canja suna da adadi da kwanan wata, aka bar doguwar lambar don an san ba mai karanta ta. Haɗe da tes ɗin da balas ɗinsa bai hau ba, da asusun da har yanzu yake 612,450, magana ta ƙare.

Bambancin minti kaɗan tsakanin lambar da lokacin rasit ba komai ba ne. Bambancin cikakkun awanni ma yana iya zuwa daga agogon da tsarin yake bi, Pix misali da agogon duniya na `UTC` yake rubutawa. Ranaku ne ba sa saɓawa haka kawai. Ka kuma sani cewa rasit ɗaya yana iya ɗaukar lamba biyu, ta tsarin ƙasa da ta cikin gida ta bankin, kuma ta cikin gidan ba ta bin wannan tsari. Taransifa tsakanin asusu biyu na banki ɗaya ma sau da yawa ba ya bi ta tsarin ƙasa, don haka ba lalle ya zo da doguwar lambar ba. Amma irin wannan nan take yake shiga, babu wani banki a tsakani da zai riƙe shi, saboda haka uzurin netwok ya fi rauni a kansa.

Rubuta lambobi shida na ƙarshe a littafinka a duk ciniki babba. Ranar da wani ya dawo da rasit ɗin da ya taɓa biya da shi, an sabunta masa kwanan wata, littafin ne zai gane shi.

7. Wayar mai saye

In rasit ɗin bai nuna aibi ba kuma kuɗi bai zo ba, ka roƙe shi ya rufe hoton, ya buɗe manhajar bankinsa a gabanka, ya shiga tarihin cinikinsa, ya sabunta, ya taɓa layin. Wayar tana hannunsa, kuma ka kau da kai lokacin da yake sa lambar sirri. Mai gaskiya yakan yi wannan tun kafin a tambaye shi, don shi ma hankalinsa a tashe yake. Wanda hoto kawai yake da shi zai ce data ta ƙare, ko manhaja ta ƙi buɗewa, ko yayansa ne ya turo daga wani gari.

Sai dai wannan ma ba ya sakin kaya. Manhajar bogi tana da tarihin ciniki na bogi. Kuma ko ta gaske ce, an cire masa kuɗi da gaske, cirewa a wajensa ba shigowa ba ce a wajenka: taransifa yana iya maƙalewa a tsakani ya koma masa bayan awanni, kai kuma ka riga ka ba da kaya ga mutumin da ba ka san gidansa ba.

8. Abin da za a yi da mai gaskiyar da kuɗinsa ya maƙale

Wannan shi ne yanayin da ya fi yawa, ya kuma fi wuyar sha'ani, don mutumin bai yi laifi ba. A tsarin biya na nan take, kuɗi yakan iso cikin daƙiƙoƙi. Ka ba shi minti goma zuwa sha biyar, ka ba shi kujera, ka ci gaba da sallamar wasu kana sabuntawa. In ya wuce haka, ka ware kayan ka rubuta sunansa a jiki, ka ba shi takarda mai ɗauke da adadi da lokaci da lambar ciniki da cewa kayan suna ajiye, ka karɓi lambar wayarsa. "Hajiya, kayanki ne, ba wanda zai taɓa su. Da ya shigo zan kira ki, in kin so a kai miki har gida." Mai sayen ne zai kai ƙorafi bankinsa da lambar cinikin, don bankin mai turawa ne yake fara bin sawu. Kai ma kana iya kiran bankinka, a lambar da ke bayan katinka ko cikin manhaja, ka ba su lambar su duba ko wani abu yana tafe.

In ya zaɓi ya sake biya ta kati ko da tsabar kuɗi ya tafi da kaya, ku rubuta cewa idan na farkon ya shigo za ka mayar.

Gargaɗi: mayarwa tana komawa ne asusun da kuɗin ya fito, da sunan da ya turo, bayan ka ga kuɗin a `Available balance`. Haka ma wanda ya ce ya yi kuskure ya tura 420,000 a maimakon 240,000, a ba shi canjin 180,000 a hannu. In rasit ɗin bogi ne, ka yi asarar kaya ka ƙara da tsabar kuɗi. In kuɗin ya shigo da gaske amma da sunan wani daban, ka tsaya ka yi tambaya, domin akwai damfarar da ake sa wani bawan Allah can ya tura kuɗi asusunka yana zaton wani abu yake saye, ɗan damfara ya kwashi kaya a wajenka. Idan mai kuɗin ya kai ƙara, asusunka ne za a bi, kuma ana iya rufe shi har a gama bincike. A ciniki babba da wani ya biya wa wani, ka nemi magana da mai asusun, ka rubuta sunan mai karɓar kaya da lambar wayarsa, ka sa ya sa hannu.

9. In ta tabbata bogi ne

Kada ka yi ihun ɓarawo. Taron kasuwa ba ya tsayawa karanta lambar ciniki, kuma abin da zai biyo baya yana iya fin kuɗin kayan nauyi a wuyanka, balle in daga baya ta bayyana shi ma wani ne ya turo masa hoton ya aiko shi. Jimla ɗaya ta isa: "Malam, kuɗi bai shigo ba, kaya ba za su fita ba." Yawancinsu cewa za su yi bari su je banki su dawo.

Ka adana hoton yadda ya zo, da tes ɗin, da lambar wayar da ta turo, da abin da kyamarar shago ta ɗauka in akwai, ka rubuta lokacin. Ka sanar da maƙwabtan shaguna, don mai irin wannan sana'a yakan bi layi ɗaya a rana ɗaya da rasit ɗaya. Tes ɗin da ya zo da sunan bankinka kuma ka nuna wa bankin.

In kuwa kaya sun riga sun fita kafin a gane, wurin 'yan sanda za ka nufa da waɗannan shaidun da sitetimen ɗin asusunka na ranar. Bankinka ba shi da abin da zai dawo maka da shi, tunda babu kuɗin da ya motsa, amma sitetimen ɗin shi ne zai nuna ba a biya ka ba. Ka haɗa da lambar jikin kayan in suna da ita, kamar `IMEI` na waya mai lambobi 15 da ke jikin kwali, wadda ya kamata ta riga ta shiga rasit ɗin shagonka tun lokacin da ake ɗaure kayan.